Muhawarar iyaye a kan takardar Inna mai girki game da cimakar rana

Malam Isufu, magatakardan kwamitin iyaye:
Assalamu alaikum, iyayen yara. Tun da ƙorafi ya yawaita cewa nama ya yi ƙaranci a tukunyar makaranta, mun nemi Inna mai girki ta yi mana bayani, ita kuma ta rubuto takarda ta ce a karanta wa kowa. Ga ta nan na kwafo muku ba ƙari ba ragi.

"Zuwa ga iyayen yara, bayan gaisuwa da fatan alheri. Ina girka wa yara 120 kowace rana, kuma duk abin da zan zuba a tukunya sai na aza shi a sikeli tun yana ɗanye. Abubuwa biyu nake dubawa a kwanon yaro. Na farko kabohaidiret, wanda ke ba shi ƙarfin zama a aji da guje-guje, kuma daga shinkafa da hatsi da masara da garin rogo da taliya yake samun sa. Na biyu furotin, wanda ke gina tsokarsa ya sa shi girma, kuma yana cikin wake da gujiya da nama da kifi da ƙwai, har ma da hatsi, ko da yake nasa bai kai na wake ba.

"Ranar Litinin shinkafa da wake nake yi, shinkafa kilo 12 da wake kilo 6. Idan aka raba, kowane yaro yana da giram 100 na shinkafa da giram 50 na wake. Shinkafar tana ba shi furotin wajen giram 7, waken kuma wajen giram 12, jimla 19 ke nan, kabohaidiret kuma wajen giram 110. Ranar Talata tuwon hatsi ne da miyar kuka da nama kilo 3. Ina auna hatsi tiya shida, bayan surfe da niƙa garin da ke saura bai wuce kilo 12 ba, to tuwon yana ba yaro furotin wajen giram 10. Naman kuwa da ƙashinsa ake sayo shi, idan aka cire ƙashin aka raba wa yara 120, abin da ke isa kwanon kowa bai cika giram 20 ba, furotin ɗinsa wajen giram 4. Jimlar ranar nama 14 ce, wato ba ta kai ranar wake ba.

"Ranar Laraba ita ce ke hana ni barci. Garin rogo ne da ƙuli-ƙuli da mai da albasa, yara suna son sa, cikinsu yana cika, kabohaidiret ɗinsa ya kai giram 90, amma garin rogo kusan babu furotin a cikinsa, duk abin da yaro ke samu daga ƙuli-ƙulin nan ne, kuma gaba ɗaya bai wuce giram 10 ba. Dambun masara da zogale da ƙuli-ƙuli na ranar Alhamis yana ba da wajen 15, taliya da miyar busasshen kifi ta ranar Juma'a wajen 16. Abin da nake roƙo shi ne a ba ni izinin ƙara wake kilo 3 a ranar Laraba, ko da za a rage daga kuɗin nama. Allah ya raya mana su."

Alhaji Sani na Sabon Gari:
Wa alaikumus salam. Na karanta takardar sau biyu, kuma ina yaba wa Inna da ta buɗe mana lissafinta, domin ba kowane mai riƙe da ludayi ke yarda a leƙa masa tukunya ba. Sai dai ban gamsu da cewa ranar wake ta fi ranar nama ba. Tun muna yara muke ji cewa abin da ke cikin nama ya fi abin da ke cikin tsiro inganci, kuma likita ya taɓa gaya mini haka da bakinsa lokacin da ɗana ya tashi daga jinya. Idan haka ne, giram 4 na nama yana iya fin giram 12 na wake amfani a jiki, kuma rage kuɗin nama komawa baya ne.

Maman Nafisa:
Ni abin da ya ɗaure mini kai daban ne. Jiya na je ɗaukar Nafisa da rana na tarar ba ta gama ci ba, na ga kwanonta cike da shinkafa da wake, kuma ni mai sayar da abinci ce, idona ya san nauyin kwano, abin nan zai kai giram 400. To, ta yaya za a ce giram 150 ake ba yaro? Ko dai lissafin Inna bai yi daidai ba, ko kuma ana zuba wa wasu fiye da wasu. Kuma idan kwanon ya kai 400, ashe furotin ɗin ma ya ninka wanda aka rubuta, ba mu da abin damuwa.

Malama Zuwaira, ma'aikaciyar lafiya mai kula da tamowar yara:
Bari in fara da ke, Maman Nafisa, domin tambayarki ce ta fi sauƙin warwarewa, kuma idonki bai yi kuskure ba. Inna ta faɗa a farkon takardarta cewa ɗanye take aunawa. Shinkafa giram 100 idan ta nuna tana shan ruwa ta koma kusan 300, wake giram 50 kuma ya koma ɗari da ɗoriya, kin ga an kai 400 ɗin da kika gani. Amma abin da ya ƙaru ruwa ne zalla, kuma ruwa ba ya ɗauke da furotin ko kabohaidiret. Shi ya sa giram 100 na dafaffiyar shinkafa ba ya kai giram 3 na furotin, alhali ɗanyarta tana da 7. Giram 19 ɗin nan dai shi ne a kwanon, bai ƙaru ba.

Alhaji kuma, rabin maganarka gaskiya ce, kuma likitan da ya gaya maka bai yi kuskure ba. Furotin ba abu guda ba ne, an harhaɗa shi ne daga ƙananan sinadarai kamar yadda ake gina ɗaki da tubali iri-iri, kuma guda tara daga cikinsu jiki ba ya iya ƙera su, dole sai daga abinci. Nama da ƙwai da kifi da nono suna kawo taran nan a kan ma'aunin da jiki ke so. Hatsi da shinkafa da masara suna da ƙarancin guda ɗaya da ake kira laisin, wake kuwa yana da shi da yawa, sai dai shi ma yana da ƙarancin wani da ake kira metiyonin, wanda hatsi da shinkafa ke da shi. Idan aka haɗa su a kwano ɗaya, kowa ya toshe giɓin ɗan'uwansa, abin da ke fita yana matsowa kusa da na nama. Jiki ba ya narkar da furotin na tsiro sarai kamar na nama, wannan ma gaskiya ne, amma bambancin bai kai a ce giram 4 ya rinjayi giram 12 ba, ko kusa.

Ga lissafin da ya kamata kwamiti ya duba. Nama kilo 3, idan aka fid da kashi ɗaya cikin huɗu na ƙashi, saura kilo biyu da kwata, kuma kashi ɗaya cikin biyar na tsokar nama ne furotin, wato giram 450 ga makaranta duka. Idan kuɗin kilo ɗaya na nama yana sayen kilo huɗu na wake, wannan kuɗin zai kawo wake kilo 12, furotin ɗinsa wajen giram 2,800. Ya ninka sau shida ke nan. Wannan ne abin da Inna ta hango.

Alhaji Sani na Sabon Gari:
Malama, na karɓi lissafin, domin ni ɗan kasuwa ne, ba na jayayya da alƙalami. Amma ki gaya mini gaskiya tsakaninki da Allah, idan naki ɗan ne, za ki yarda a cire masa naman nan gaba ɗaya? Akwai yara a unguwarmu waɗanda ba sa ganin nama a gida sai da Babbar Salla, kuma yankan nan na ranar Talata, komai ƙanƙantarsa, shi ne rabonsu na mako.

Malama Zuwaira:
Ba zan yarda a cire shi gaba ɗaya ba, Alhaji, kuma Inna ma ragi ta ce, ba ta ce a daina ba. Dalilina ba furotin ba ne. Nama yana kawo sinadarin ƙarfe mai ƙara jini wanda jiki ke tsotsa cikin sauƙi, da wani bitamin da babu shi a hatsi ko wake sam, kuma ƙarancin jini ciwo ne da nake gani kullum a wurin aikina. Abin da nake so iyaye su gane shi ne naman Talata yana yin wannan aikin ne da kuma daɗaɗa miya, amma ginin jikin yaranmu a wannan makaranta a wuyan wake da ƙuli-ƙuli da hatsi yake rataye.

Baba Ila, manomi daga Tibiri:
Jikokina biyu suna makarantar, kuma ni waken nan shi na tashi ina nomawa, don haka bari in sa baki. Inna ta ce tana aza shi a sikeli, to Allah ya yi mata albarka, amma ina tambaya, wanda ke sayo mata waken a kasuwa da me yake aunawa? Da tiya yake aunawa. Wake idan ya wuce wata uku ko huɗu a buhu ba tare da kariya ba, ƙwari suna shiga su cinye cikinsa su bar ɓawo da huda. Irin wannan waken yana cika tiya kamar lafiyayye, amma ka ɗaga ka ji ba nauyi, kuma abin da ƙwaron ya ci shi ne ainihin abin da muke so yara su ci. Sai a biya kuɗin tiya goma a kawo nauyin da bai kai ba.

Hanyar ganewa ba ta da wuya. A ɗebi wake cikin hannu a zuba a ƙwarya da ruwa, lafiyayye yana nutsewa, wanda aka cinye yana tasowa sama, kuma a duba gindin buhu, idan akwai gari kamar toka to an riga an yi ɓarna. Shawarata kwamiti ya sayi waken shekara da kaka, lokacin da yake da araha, a shanya shi ya bushe sosai, a zuba a buhun nan mai ruɓi uku, leda biyu ciki da buhu a waje, a ɗaure kowace leda dabam. Iska ba ta shiga, ƙwarin suna mutuwa da kansu ba tare da an zuba magani ba. Ni da shi nake ajiye nawa har damina ta zagayo. A kiyaye kawai kada ɓera ya huda shi, domin huda ɗaya ta isa ta ɓata aikin.

Hajiya Rabi ta Zariya:
Ni hankalina ya tashi ne da na ga an rubuta giram 110 na kabohaidiret. Maigidana yana fama da ciwon sukari, kuma a asibiti an ce masa shinkafa da gari duk sukari suke komawa a jini. Shin ba mu jefa ƴaƴanmu cikin wannan ciwo ba kuwa? Me zai hana a rage shinkafar rabi a cika da wake kawai?

Malama Zuwaira:
Hajiya, Allah ya ba maigida lafiya. Gaskiya ne sitaci yana komawa sukari a jini, amma ga mai lafiya wannan sukarin shi ne makamashin da ƙwaƙwalwa da tsoka ke aiki da shi, kuma dokar da aka kafa wa maigida ta mai ciwo ce, ba ta yaron da ke tafiya makaranta a ƙasa yana buga ƙwallo da yamma ba. Akwai ma wani abu da ya sa ba na son a taɓa shinkafar. Idan kabohaidiret da mai ba su ishi yaro ba, jikinsa yana juyawa ya ƙona furotin ɗin don samun ƙarfi, kamar matar da itace ya ƙare mata ta fara cire azarar ɗaki tana hura wuta. Sai waken da muka sha wahalar saye ya tafi a hayaƙi bai gina komai ba. Kuma waken da ke cikin kwanon yana sa sukarin ya shiga jini a hankali, shi ya sa yaro ke daɗewa bai ji yunwa ba ranar Litinin, alhali ranar gari tun kafin la'asar yake neman abin ci.

Mushe Habu, malamin aji biyu:
Maganar Malama ta ƙarshe na shaida ta a aji. Amma ina da abin da takardar ba ta faɗa ba, kuma ba laifin Inna ba ne, domin ita tukunya take gani, ni kuma bakin tabarma nake zama lokacin cin abinci. Lissafin ya raba komai daidai tsakanin yara 120, amma ludayi ba ya raba daidai. Ranar Talata, waɗanda suka fara layi suna samun yanka biyu, na ƙarshe romo kawai. Ranar Litinin kuma akwai ƙanana a ajina, aƙalla biyar, da ke tsince wake ɗaya bayan ɗaya su tara a gefen kwano su ci shinkafa zalla. Na tambayi wata yarinya dalili, ta ce yana da tauri kuma yana kumbura mata ciki. Irin wannan yarinyar giram 7 take tashi da shi, ba 19 ba. Idan za a ƙara wake ranar Laraba, a fara tunanin yadda zai shiga cikin waɗannan.

Malam Isufu:
Na kai wa Inna wayata ta saurari duk abin da aka rubuta, ga amsarta kamar yadda ta faɗa. Ta ce Mushe Habu ya yi gaskiya game da taurin wake, kuma dalilin itace ne, domin wake kilo 6 yana cin wuta mai yawa, wani lokacin sai ta sauke shi bai gama laushi ba don kada a tashi yara abinci bai sauka ba. Ta ce tana zuba kanwa don ya yi saurin nuna, amma ba ta son yawaita ta saboda tana sa wasu yaran gudawa. Ta ce idan aka ba ta makullin ɗakin ajiya tun yammacin Lahadi, za ta jiƙa waken ya kwana a ruwa, da safe ta zubar da ruwan ta ɗora da sabo. Game da nama kuma ta ce za ta riƙa daddatsa shi ƙanana ƙwarai ya bi miya, maimakon yanka da ake warwaso.

Malama Zuwaira:
Jiƙon nan shi ne daidai, yana rage lokacin dahuwa sosai, kuma zubar da ruwan yana tafiya da wani ɓangare na abin da ke kumbura ciki. Kanwa ba ta lalata furotin, amma idan ta yi yawa tana kashe wasu bitamin da ke cikin waken, don haka ɗan kaɗan ya isa bayan an jiƙa. Ga ƙananan da ke tsincewa, a ranar Laraba ana iya dafa waken ya yi luguf a farfasa shi da muciya a cuɗa cikin garin, ba abin da za a tsince. Kilo 3 da Inna ta nema zai ba kowane yaro giram 25 na wake, furotin giram 6, ranar ta tashi daga 10 zuwa 16. Ƙwai ɗaya ma giram 6 ɗin yake bayarwa, amma ƙwai 120 kowane mako kuɗinsa ya fi ƙarfin asusun, ina zato.

Domin mu san inda muka tsaya, yaro mai nauyin kilo 25 yana buƙatar furotin kusan giram ɗaya ga kowane kilo na jikinsa a rana, wato wajen giram 25, kuma ga wanda cimakarsa kusan duk tsiro ce gara a ɗora kaɗan a kai. Idan aka tara kwanaki biyar na Inna, 74 ne, wajen 15 ke nan a rana, fiye da rabin buƙatarsa. Wannan ya wadatar ga yaron da ya sha kunun gujiya ko fura da nono da safe kuma tuwo na jiransa da dare. Ga wanda ya fito gida da cikinsa wayam, ranar Laraba tana barinsa da giɓi mai faɗi.

Ina da jan kunne guda kan ƙuli-ƙuli, tun da shi ke riƙe da Laraba da Alhamis. Gujiyar da ta yi fumfuna tana ɗauke da guba mai cutar da hanta, kuma suya ba ta kashe ta. A saya wurin matar da aka san tana tsince gujiyarta, kuma duk wanda ya yi ɗaci ko warin ruma a zubar.

Maman Nafisa:
Na gane zancen ɗanye da dafaffe yanzu, na gode, Malama. To, me ya sa ba a maganar awara? Maradi cike take da masu yin ta, yara kuma ba sa tsince ta, rububinta suke yi. Sannan zogale ga shi nan daga Jiratawa, ana cewa ya fi nama gina jiki, a ƙara shi mana a dambun.

Malama Zuwaira:
Awara shawara ce mai kyau, domin waken suya ya fi waken gida furotin kuma nasa yana da inganci, sai dai ruwa ya yi yawa a cikinta, kuma kaurin yanka ya bambanta daga mai yi zuwa mai yi, don haka sai an auna ta wadda za a saya kafin a san nawa yaro zai samu. Zogale kuwa an zuzuta shi fiye da kima a wannan fanni. Busasshen garinsa yana da furotin da yawa idan aka auna kilo da kilo, amma ɗanyen ganyen da ke shiga dambun yaro ɗaya bai fi ya ba shi giram 2 ba. A ƙara shi saboda sauran amfaninsa, kada a ɗora masa nauyin wake.

Alhaji Sani na Sabon Gari:
Ni har yanzu ban yarda a taɓa kuɗin nama ba, ko dala ɗaya. Wake kilo 3 a mako ba abin da zai gagari iyaye 120 ba ne. Na ɗauki na wata ɗaya, kilo 12, daga aljihuna, da sharaɗin Baba Ila ne zai zaɓo shi kuma a auna shi a sikelin Inna a gaban magatakarda.

Hajiya Rabi ta Zariya:
Allah ya saka da alheri, Alhaji, amma bayan watan fa? Ba kowa ke iya ƙarin kuɗi ba, kuma idan aka ce a yi karo-karo, masu ƙaramin ƙarfi ne za su ji kunya. Ni ina ganin a rage nama kilo ɗaya a huta, tun da kuɗinsa ya ishi waken har da saura.

Malam Isufu:
An samu ra'ayi biyu, kuma ba ni da hurumin yankewa ni kaɗai, za mu kai maganar zaman kwamiti na ranar Asabar bayan la'asar. Kafin nan na yi magana da darakta ya amince a ba Inna makulli ranar Lahadi. Mushe Habu, ina roƙonka ranar Litinin ka ƙirga mana yara nawa suka bar wake a kwano bayan an jiƙa shi, ka kawo mana adadin. Baba Ila, Alhaji yana tambaya ko waken za ka kawo daga Tibiri ko a nan kasuwa za ku haɗu.

Baba Ila:
Daga rumbuna zan kawo, na bana ne, ban buɗe buhun ba tun kaka. A tanadi ƙwarya da ruwa, a gwada shi a gaban kowa kafin a biya ni.